Kafin a tura taƙaitaccen tarihin kai: kowace jimla da takardarta

A watan Janairun 2012 kamfanin Yahoo na Amurka ya naɗa Scott Thompson shugabansa. Taƙaitaccen tarihinsa da kamfanin ya wallafa ya ce yana da digiri a ilimin akanta da kimiyyar kwamfuta daga kwalejin Stonehill. Wani mai hannun jari, Daniel Loeb, ya bi diddigi, ya gano na akanta kaɗai Thompson ya samu a 1979, kuma a lokacin ma kwalejin ba ta fara ba da digirin kwamfuta ba. Kamfanin ya ce kuskure ne ba da gangan ba, amma kafin watan Mayu ya ƙare Thompson ya bar kujerar. Mutumin ya yi karatu, ya yi aiki mai yawa. 'Yan kalmomin da aka ƙara ne suka ja masa.

Taƙaitaccen tarihi sakin layi ne ɗaya ko biyu da ake liƙawa a takardar neman aiki, ko littafin taro, ko shafin ma'aikata. Daga sibi ake tsamo shi, wato takardar da ke jera makarantu da wuraren aikin mutum da shekarunsu. A wajen taƙaitawar ne ƙari yake shiga, domin marubuci na neman jimla mai daɗin ji, ita kuwa gaskiya sau da yawa takan zo da guntun wutsiya.

Maganin shi ne a ajiye abu uku a kan tebur: tarihin, sibin, da takardun shaida. Sai a ja layi a ƙarƙashin duk abin da wani zai iya ɗaga waya ya tambaya, kamar shekara, muƙami, sunan shaidar karatu da kowace lamba.

A ɗauki misalin wata mai neman aiki da ta rubuta: "Akanta ce mai digiri, mai shekara 10 a bakin aiki, ta shugabanci sashen kuɗi, ta kuma rage kashe kuɗi da kashi 30 cikin ɗari." Sibinta ya nuna babbar difloma ta yi a kwalejin kimiyya da fasaha. Difloma ba abin kunya ba ce, amma ba digiri ba ce, kuma wasiƙa ɗaya zuwa ofishin magatakardar makarantar ta isa ta fayyace hakan. Shekarun aikin da aka lissafa kuwa 7 ne, sai an haɗa da aikin koyon sana'a da hidimar ƙasa da zaman jiran aiki kafin su kai 10. Wanda zai yi mata intabiyu da biro a hannu zai lissafa.

Batun shugabancin ya fi santsi. Riƙon ƙwarya ta yi na wata 5 lokacin da shugabar sashen ta tafi hutun haihuwa. Idan sabon wurin ya tuntuɓi tsohon, abin da ke cikin fayil za a karanta masa: ranar kama aiki, ranar bari, da muƙamin da ke kan takardar naɗi. Ba wanda zai tuna irin wahalar da ta sha a watannin nan. Don haka "ta riƙe sashen kuɗi na wata 5" ita ce jimlar da za ta tsira, kuma ba ta rage mata komai ba.

Saura kashi 30 ɗin. Daga nawa zuwa nawa, a wace shekara, wane rahoto ya nuna? In akwai amsa, a bar shi. In babu, a cire, a faɗi aikin da aka yi. In kuma aikin na mutum shida ne, "ta kasance cikin waɗanda suka" ya fi "ta" dacewa.

Akwai wasu kalmomin da ke buƙatar irin wannan ido. "Ya halarci jami'a" ba "ya kammala" ba ne. Kwas na mako biyu a harabar wata babbar jami'a bai mai da mutum tsohon ɗalibinta ba. Wanda yake rubuta jarrabawar ICAN bai zama cikakken mamba ba tukuna, kuma ƙungiyar na da rajistar mambobinta, kamar yadda COREN take da ta injiniyoyi.

A Najeriya ma an ga ƙarshen irin wannan. A Yulin 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai bayan mujallar TheNews ta bankaɗo cewa digirin jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, shekarun haihuwarsa ma an ƙara.

Abu na ƙarshe, tarihin da wani ya rubuta wa mutum, sakatare ne ko mai shirya taro, shi ma da sunan mai shi yake yawo. Duk wanda aka kira "Dakta" a takardar gayyata alhali bai kare kundinsa ba, ya nemi a gyara kafin a kai wa mai ɗab'i.