Ciwon Kai Bayan Bugu a Ka: Bambance Girgizar Ƙwaƙwalwa da Zubar Jini a Cikin Ƙoƙon Kai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ciwon kan da ke biyo bayan bugu, ta hanyar misali daga fagen dambe. Ta nuna cewa yadda ciwon ke sauyawa cikin kwana biyun farko shi ne ma'aunin haɗari, ko an suma ko ba a suma ba.

1.0 Gabatarwa

A fagen dambe, idan aka kai ɗan wasa ƙasa sai a ce an kashe shi. In ya miƙe ya karkaɗe jiki, 'yan kallo sukan ɗauka magana ta ƙare. A likitance kuwa, daga nan ne lura take farawa, domin mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko kaɗan.

2.0 Girgizar Ƙwaƙwalwa da Alamominta

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ya fizgi kai, sai ta jijjigu, aikin jijiyoyinta ya rikice na ɗan lokaci. Ba tsagewa ta yi ba, shi ya sa hoton asibiti yakan fito lafiya ƙalau alhali mai ciwon yana jin jiki.

A ɗauka matashi ɗan shekara 22 ya sha naushi a gefen kai da la'asar. Ya tashi da jiri, yana maimaita tambaya ɗaya, bai kuma tuna yadda turmin ya ƙare ba. Da magariba kansa yana sara, zuciyarsa tana tashi, haske da amon ganga suna damunsa. Waɗannan duka alamomin girgiza ne, kuma ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi a ranar. Irin wannan ciwon kai yakan tsaya yadda yake ko ya riƙa sauƙi, kuma manya galibi sukan warware cikin mako biyu, yara kuwa sukan kai mako huɗu.

3.0 Ciwon Kan da ke Ƙaruwa

Ƙashin da ke tsakanin ido da kunne siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, jini yakan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, tun da ƙoƙon kai ba ya buɗawa. Mutum yana iya yin hira, har ya ci tuwo, kafin ya fita hayyacinsa. Haka ta faru da 'yar wasan kwaikwayon Birtaniya Natasha Richardson a Maris na 2009: ta faɗi tana wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, daga baya ciwon kai ya taso mata, ta rasu bayan kwana biyu.

Saboda haka, a garzaya da matashin asibiti, ko da tsakar dare ne, idan ciwon kan yana tsananta, ko yana amai a kai a kai, ko tashinsa daga barci ya yi wuya. Haka ma idan harshensa ya karye, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko jikinsa ya kama jijjiga, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko jini ko farin ruwa ya fito ta kunne ko hanci. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini asibiti za a kai su ko bugun ƙarami ne.

4.0 Hutu da Lura

Kada matashin ya koma fage a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai cikin awa 24 na farko. Ba a hana shi barci, amma mai jinya ya riƙa leƙa shi yana duba numfashinsa. Farasitamol za a ba shi. A guji asfirin da ibufurofen a wannan lokaci don suna iya ƙara zubar jini, a kuma guji taramol da maganin barci don suna ɓoye alamomi.

Taron masana da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsayar da hutu na awa 24 zuwa 48, ba kullewa a ɗaki mai duhu ba. Yana iya zagayawa cikin gida, ya rage kallon waya. Daga nan sai tattaki, sai sassarfa, sai atisaye ba tare da naushi ba, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya. In ciwon ya tsananta, ya dakata sai gobe. Ba zai ɗaura zare ba sai alamomi sun gushe kuma likita ya amince, domin bugu na biyu kafin a warke ya fi na farko illa.

5.0 Kammalawa

Abin da mai jinya zai riƙa tambaya shi ne: ciwon kan nan raguwa yake yi ko ƙaruwa? In raguwa yake, hutu da lura sun wadatar. In ƙaruwa yake, a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye.