Wasiƙar mai shago idan bayanan abokan ciniki sun fita

Bayanan abokan ciniki sukan fita daga hannun mai shago ba tare da wani kutse na kwamfuta ba. A gari irin Dandume, inda cinikin masara da taki yake tafiya ta hanyar taransifa da POS, satar wayar shago a ranar kasuwa ta isa. A cikinta akwai sunayen manoma, da lambobin asusunsu, da hotunan takardar NIN waɗanda aka turo ta WhatsApp lokacin karɓar taki bashi.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, a sashe na 40, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan nauyi biyu. Idan abin zai iya cutar da mutane, ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 da samun labari. Idan haɗarin babba ne, ya sanar da mutanen su kansu nan take, da harshen da za su gane, tare da shawarar abin da za su yi.

Wasiƙar sanar da su takan fara da abin da ya faru da ranarsa, sannan ta faɗi abin da ya fita da wanda bai fita ba. Misali: “Assalamu alaikum, abokan cinikinmu. Ranar Asabar an sace wayar shagonmu. Tana ɗauke da sunayenku da lambobin asusunku da hotunan NIN ɗinku. Lambar sirrin katinku ba ta ciki, domin ba ma ajiye ta. Mun rufe layin, mun kai rahoto wurin ’yan sanda.”

Sashen shawara shi ne ya fi nauyi. Lambar asusu ko BVN kaɗai ba ta fitar da kuɗi. Amfaninta ga ɗan damfara shi ne ya kira manomi da cikakken sunansa, ya karanto masa lambarsa daidai, ya ce daga banki yake, har manomin ya saki jiki ya ba shi OTP. Saboda haka wasiƙar takan ce ƙarara: banki ko shago ba zai nemi PIN ko OTP ta waya ba, kuma kada a biya bashin taki cikin wani sabon asusu da aka turo da sunan shagon. Wanda ya riga ya bayar da PIN ko OTP ya sa a rufe asusunsa nan da nan, ya tafi reshen bankinsa. Ana iya canza PIN, amma NIN da BVN suna nan yadda suke, don haka kiran yaudara yana iya zuwa ko bayan watanni.

Ba a sa mahaɗar intanet a cikin saƙon, don kada ya yi kama da na ’yan damfara. A ƙarshe akan rubuta sunan wanda za a tuntuɓa da sabuwar lambarsa, a manna kwafi a ƙofar shago, a kuma aika da saƙon murya ga waɗanda ba sa karatun boko.