Waya ɗaya, talla uku: yadda ake gano kayan da aka maimaita

Duk wanda ya taɓa neman waya a kasuwannin intanet irin su Jiji ko Jumia ya san abin da ke faruwa: ka rubuta sunan waya ɗaya, tallace-tallace su yi ta fitowa, rabinsu kamar an tsaga kara. Wani ɗan kasuwa ne ya sake ɗora kayansa don su hau sama, wani kuma kwafe bayanin maƙwabcinsa ya yi. Idan kaya sun kai miliyan, ba ma'aikacin da zai iya bin su da ido, dole na'ura ta auna kamannin rubutun.

Ga tallace-tallace guda uku:

```
A: Samsung Galaxy A14 128GB baƙi sabo
B: SAMSUNG A14 128 GB baki sabo dal
C: Samsung Galaxy A14 64GB baƙi sabo
```

Ma'aunin da aka fi farawa da shi na Paul Jaccard ne, wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan da ya fito da shi a 1901. Ana ƙirga kalmomin da rubutu biyu suka yi tarayya a kai, a raba da jimillar kalmomin da ke cikinsu duka, ba tare da maimaici ba. Idan aka auna A da B yadda suke, kalmomi 2 kawai suka haɗa su cikin 11, wato 0.18, sai na'ura ta ce ba su ma san juna ba. Shi ya sa ake fara wanke rubutun: a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, a haɗe `128 GB` ya zama `128gb`, a cire lanƙwasar ƙ, tunda masu rubutu da waya da yawa ba sa sa ta. Bayan wankin, tarayyarsu ta koma 5 cikin 7, kusan 0.71. Inda ake yawan kuskuren rubutu, sai a yayyanka kalmomin haruffa uku-uku, ta yadda `galaxy` da `galaxi` za su haɗu a yanki 3 cikin 5.

Sai matsalar yawa. Kaya miliyan ɗaya, in za a gwada kowanne da kowanne, gwaji kusan biliyan 500 ke nan. Ko na'ura tana yin miliyan ɗaya a daƙiƙa, sai ta shafe kusan kwana 6, kuma kafin ta gama an ɗora sababbi. Dabarar da ta sauƙaƙa wannan ita ce MinHash, wadda Andrei Broder ya samar a 1997 don gano shafuka masu kama da juna a injin bincike na AltaVista. Kowane talla ana taƙaita shi zuwa lambobi, a ce 100, waɗanda aka tsara ta yadda tallace-tallace biyu za su dace a kowane gurbi gwargwadon kamanninsu. Sai a kasa lambobin rukuni 20, biyar-biyar, a ware duk biyun da suka dace a rukuni ɗaya cur don a duba su da kyau. A wannan tsari, masu kamanni 0.71 irin A da B ana kama kusan 98 cikin 100 nasu, masu kamanni 0.3 kuwa ƙasa da 5 cikin 100 ne ke shigowa. Sauran ba a ma ɓata lokaci a kansu.

To, yanzu a auna A da C. Tarayyarsu 5 cikin 7, daidai da makin A da B. Amma B wayar A ce, C kuwa wata waya ce daban, da nata farashin. A ganina nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ɓarna, domin ma'aunin ya ɗauki kowace kalma da nauyi ɗaya: bambancin `galaxy` da `dal` da bambancin 64 da 128 duk ɗaya ne a wurinsa. Idan aka haɗe A da C, mai saye zai biya kuɗin babba a kawo masa ƙarama, ko kuma a goge tallan ɗan kasuwar da bai yi laifin komai ba. Don haka masu kula ba sa barin maki ya yanke hukunci shi kaɗai. Suna ciro lambar samfuri, girman ma'ajiya, launi da awo su ajiye gefe, su kafa doka cewa muddin waɗannan sun saɓa, ba a haɗewa komai yawan makin.

Akwai kuma haɗarin sarƙa: wannan ya yi kama da wancan, wancan ya yi kama da na gaba, kafin a ankara an zuba A14 da A15 a kwando ɗaya. Alamarsa ita ce rukuni ya kumbura, farashin cikinsa kuma ya yi hannun riga. Iyakar makin da za a amince da shi ma ba a zato ake tsayar da ita ba. Ana ɗebo tallace-tallace bibbiyu, 'yan ɗaruruwa, mutane su duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ga a wane maki kuskure ya fara yawa. Ana yin haka ga kowane sashe daban, domin iyakar da ta yi wa wayoyi daidai ba lallai ta yi wa atamfa ko kayan gyaran mota ba, inda harafi ɗaya a lambar kaya ke raba wanda zai shiga motarka da wanda ba zai shiga ba.