Ba rashin data ke hana waya tunatar da kai ba

Akwai maganar da ta zauna a bakin jama'a, har da masu ilimin boko, cewa ajiye tunatarwa a waya aikin banza ne ga wanda datarsa ke ƙarewa, ko yake zaune a unguwar da sabis ke rawa kuma wuta ba ta zama. Masu faɗin haka ba su ƙirƙira ba, abin da suka gani ne. Mutum ya kunna data da yamma, sai sanarwar wani taro da ya kamata ta zo da hantsi ta faɗo masa tare da tarin saƙonnin WhatsApp, bayan an riga an tashi daga taron. Ina girmama wannan shaida, amma hukuncin da aka ɗora a kanta bai tsaya ba, domin an haɗa abubuwa biyu da ba iri ɗaya ba.

Tunatarwa iri biyu ce. Akwai wadda ke zaune a kwamfutar kamfani can nesa, idan lokaci ya yi a turo ta ta intanet. Wannan kam ba data, ba labari. Akwai kuma wadda aka rubuta a cikin wayar kanta. Kowace waya tana da ɗan agogo a cikinta da ke ci gaba da ƙirga lokaci ko allo a kashe yake, kuma manhajar Clock da shi take aiki. Idan ka saita ƙararrawa, manhajar tana bar wa wayar sallahu ne cewa ƙarfe kaza ta tashe ta, ba ta tambayar kowa a waje. Haka Google Calendar: abin da ka shigar yana sauka a wayar, sanarwarsa tana fitowa daga nan, data sai dai don a kwafe shi zuwa asusunka daga baya. Wanda ke shakka ya kunna Airplane mode, ya saita ƙararrawar minti 2, ya kulle allo ya ajiye. Za ta yi ƙara.

Mu ɗauki misalin da mantuwa ke da tsada a cikinsa. A ce an haifi jaririya ranar Litinin 3 ga Maris. A tsarin rigakafin Najeriya, bayan na haihuwa, za a koma asibiti a mako na 6, na 10 da na 14, sannan a wata na 9. Wato 14 ga Afrilu, 12 ga Mayu, 9 ga Yuni, sai 3 ga Disamba, sai dai idan ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wata rana a kati, to tata za a bi. Waɗannan ranaku aikin kalanda ne, domin ƙararrawa an yi ta ne don abin yau da gobe ko na mako-mako, kamar maganin hawan jinin kakar jaririyar da ake sha kowace safiya. A shigar da ranakun huɗu a zama ɗaya, kowace da sanarwa biyu, ɗaya ana gobe da yamma don a tanadi kuɗin mota, ɗaya da safiyar ranar. Daga nan ko an yi wata uku ba a sayi data ba, sanarwar 9 ga Yuni tana nan.

To me ke kashe ta, tunda ba data ba ce? Abin da ya fi yawa shi ne tsimin batir. Tun Android 6 a 2015, waya tana shiga wani irin barci idan aka daɗe ba a taɓa ta ba, tana jinkirta ayyukan manhajoji. Ƙararrawar Clock tana ratsa wannan barci, amma manhajar tunatarwa da aka sauko da ita daga waje ba lallai ta ratsa ba. Wayoyin Tecno, Infinix da Itel, waɗanda suka cika kasuwanninmu, suna da nasu ƙarin tsimin, kuma manhajar share-share irin Phone Master tana iya rufe abin da take ganin yana cin batir. Alamar wannan ciwo a fili take: sanarwa ba ta zuwa sai ka buɗe allo ko ka shiga manhajar, ko da babu data. Maganinsa a shiga saitin manhajar, a sashen batir a zaɓi Unrestricted, a ba ta izinin tashi da kanta, a kuma duba izinin Alarms & reminders da ya shigo a Android 12. A Android 14 sababbin manhajoji da yawa suna zuwa da wannan izini a rufe. A kuma guji danna Force stop, domin yana soke duk abin da manhajar ta ajiye ma waya har sai an sake buɗe ta.

Batun wuta shi ne inda masu waccan magana suka fi kusa da gaskiya, kuma ba zan rage musu ba: wayar da ta mutu ba ta tunatar da kowa. Sai dai abin da mutane ke yi don ceton caji sau da yawa shi ke jawo asarar. Idan batir ya yi ƙasa da dare, sai a kashe wayar gaba ɗaya. Tsofaffin Nokia sun saba mana da ƙararrawar da ke tashi ko waya a kashe take, amma manyan wayoyi da yawa ba sa yin haka, don haka kada a dogara sai an gwada. Abin da ya fi shi ne a bar ta a kunne a sa Airplane mode. Inda sabis ke da rauni waya tana ƙara ƙarfi wajen neman eriya, wannan neman kuwa yana shan caji sosai, don haka yanke shi yana iya kai ɗan cajin da ya rage har asuba. A nan rashin data taimako ma yake yi. Wanda ke jiran kiran gaggawa da dare ya kashe data kawai ya bar layin.

Idan kuma wayar ta mutu aka kai wa mai caji, da ta farfaɗo a buɗe ta da lambar sirri, a leƙa manhajar tunatarwar sau ɗaya. Dalili shi ne kashewa da kunnawa na goge sallahun da manhajoji suka bari, sai kowace ta sake ajiye nata, wasu kuma ba sa samun dama sai an buɗe su.

Saura agogon kansa. Ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda nake ganin sun fi dacewa da maganin kullum na tsofaffi saboda cajinsu na kwanaki, suna da rauni ɗaya: idan aka cire batir aka kai caji, wasu sukan dawo da kwanan wata na dā can. Ƙararrawar ƙarfe 7 za ta yi ƙara, amma a bakwai ɗin da ba ita ba. A saita agogo ya riƙa karɓar lokaci daga layin waya, wanda a layuka da yawa daga eriya yake zuwa ba ta data ba, a kuma duba shi duk lokacin da aka mayar da batir. Mai tafiya tsakanin Kano da Kumasi ya tuna Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa 1.

Abin da ba zai yiwu ba sai da sadarwa shi ne tunatar da wani daga nesa. Idan uban jaririyar yana ci-rani a Legas yana son ya tuna wa maiɗakinsa ranar 12 ga Mayu, ya sa sanarwar a tasa wayar, idan ta tashi ya kira ko ya tura gajeren saƙo na layi, wanda ke shiga da sabis kaɗan ba tare da data ba. Ita kuma ta bar katin rigakafin a inda ido ke kaiwa, domin shi za a nema a asibiti ranar.