Ƙofa a buɗe take: kalma huɗu, tarko da yawa

A ce maƙwabcinka zai rubuta "Ƙofa a buɗe take" da ajami ya manna a bakin shago, don tsofaffin unguwa da suka yi karatun allo. Ga yadda za ta fito, daga dama zuwa hagu:

ڧُوڢَا أَ بُوطٜ تَكٜ

Tun harafin farko ake tuntuɓe. A rubutun warash, wanda aka saba da shi a makarantun allo, harafin ƙa ɗigo ɗaya gare shi a sama, shi kuwa fa nasa ɗigon a ƙasa yake. A rubutun hafsi, irin na littattafan da ake bugowa daga Misira da Saudiyya, fa ne ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙa yana da biyu. Ke nan idan ɗan Islamiyya ya rubuta fa irin tasa, alaramma ƙa zai gani. Sai ka zaɓi hannu ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen layi.

Sai wasali. Larabci ba shi da o, don haka rufu'a ce ke ɗaukar nauyin u da o gaba ɗaya. Shi ya sa "kura" da "kora" kan zo da kama ɗaya, كُورَا, sai dai zancen ya raba gardama. Mai mayar da ajami zuwa boko, in bai karanta jimlar duka ba, zai iya rubuta "ƙufa". Wasalin e ya fi sa'a: yana da imala, ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi, kamar yadda ta zo a ƙarshen "buɗe" da "take". Wanda ya sa kisira a gurbinta ya rubuta "buɗi taki".

Inda 'yan boko suka fi faɗuwa, a ganina, shi ne ja. Boko ba ya nuna dogon wasali, har mun saba ba ma lura da shi. Ajami kuwa yana nunawa da alif ko wau ko ya. Saurari bakinka: ƙo da fa duk ana jan su, haka ma bu, amma ɗe da ta da ke gajeru ne. Dubi "gari" na mutane, غَرِي, da "gari" na tuwo, غَارِي. Alif ɗaya ne tsakaninsu. Mai kwafa harafi da harafi daga boko zai manta da shi, ya aiki yaro kasuwa ya auno masa birni.

Saura ɗa. Wayoyi sun koya mana yar da ƙugiya, muna rubuta "bude" ba ko kunya. A boko mai karatu yakan yafe. A ajami ɗa mai hannu (ط) da dal (د) ba su ma yi kama ba, kuma wanda ya musanya su ya mai da "ɗaka" "daka". Kafin ka tsoma alƙalami a tawada, furta kalmar da ƙarfi, ka rubuta abin da kunnenka ya ji.