Gyaran shigarwar da ta faɗa asusun da ba nata ba

Asusun wucin gadi wuri ne da akanta yake ajiye bambancin da ya bayyana idan jimlar debit da ta kiredit suka ƙi daidaituwa, kafin a gano musabbabinsa. Sai dai ba kowane kuskure ne ke biyowa ta nan ba. Idan Musa ya biya N20,000 aka rubuta a kiredit ɗin Isa, jimla za ta daidaita, domin ɓangaren daidai ne. Gyaransa shi ne debit ga Isa, kiredit ga Musa.

Amma a ce an yi wa wani kwastoma rangwamen N4,500, maimakon debit a asusun rangwamen da aka bayar, sai aka sa shi a kiredit ɗin rangwamen da aka samu. Kiredit zai zarce debit da N9,000, sai a rubuta wannan adadi a debit ɗin asusun wucin gadi. Dabarar ganowa ita ce a raba bambancin biyu, a bi littafin kuɗi da rasitai ana neman N4,500.

Da zarar an gano, sai a rubuta gyaran a jona tare da bayaninsa: debit N4,500 ga rangwamen da aka samu don soke kuskuren, debit N4,500 ga wanda aka bayar, kiredit N9,000 ga asusun wucin gadi. Idan asusun bai koma sifili ba, to akwai sauran kuskure a littattafan.