Lacca da Ƙarfe Biyu, Cunkoso da Ƙarfe Biyu: Yadda Ake Tsara Jadawalin Ɗalibai Masu Aiki a Gidan Abinci

Duk gidan abincin da ke maƙwabtaka da jami'a, ko a Samaru ta Zariya kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Kano kusa da Jami'ar Bayero, yana fama da matsala guda. Lokacin da masu cin abinci suka fi yin cincirindo, wato tsakanin azahar da la'asar, shi ne lokacin da yawancin ɗaliban da ke yi masa aiki suke zaune a aji. Manajan da ya fara rubuta sunaye a takarda kafin ya warware wannan, kafin Talata ma jadawalinsa ya wargaje.

Waɗanda suka ƙware da ƙirga gurabe suke farawa, sunaye sai daga baya. A ɗauki misalin gidan abincin da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe, ya rufe ƙarfe 10 na dare, kullum har Lahadi. Ban da kuku da masu taya shi a kicin, yana da ma'aikata biyu na dindindin a wajen kai abinci da karɓar kuɗi. Ɗaya yana aiki daga 8 zuwa 4, ɗayan daga 2 zuwa 10. Littafin ciniki na makonni kaɗan ya isa ya nuna sauran buƙatar: da safe shayi ne da ƙwai da 'yan tsirarun mutane, ɗalibi ɗaya ya wadatar daga 8 zuwa 12. Daga 12 zuwa 4, lokacin shinkafa da miya da dafa-duka, ana son biyu. Daga 6 zuwa 10, lokacin tuwo da farfesu, biyu kuma. Gurabe biyar ke nan a rana, kowanne na awa huɗu, 35 a mako.

A nan da yawa suke tsayawa, kuma a nan lissafin yake cin su. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ba ma'aikaci hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai, wanda bai gaza awa 24 a jere ba. Ranar da ma'aikacin dindindin ya huta, awa takwas ɗinsa sun zama gurabe biyu da ɗalibai za su cike. Mutum biyu, gurabe huɗu. Jimilla ta koma 39. Idan aka ƙayyade wa kowane ɗalibi gurabe huɗu a mako, wato awa 16, ana buƙatar ɗalibai goma, da rarar gurbi ɗaya tak. Mai ɗalibai bakwai da ke mamakin abin da ya sa kullum yake waya yana neman wanda zai zo, ba rashin tarbiyyar yaran ba ne. Hannun ne bai kai ba tun farko.

Awa huɗun ma da dalili. Ta fi shiga tsakanin lacca da lacca, sannan sashen dokar da aka ambata ya wajabta hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimlace ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana. Duk wanda aka haɗa wa gurabe biyu a jere, sai an nemo mai riƙe masa wuri lokacin hutun.

Sai a koma kan ɗaliban. A farkon zangon karatu kowa ya kawo jadawalin laccarsa a rubuce, a kuma tambaye shi minti nawa yake ɗauka daga aji zuwa bakin aiki. Wannan tambaya ta biyu ita ake yawan mantawa. Wadda za ta fito lacca ƙarfe 12 ba za ta iya kama aikin ƙarfe 12 ba, ko da malamin ya sallame su a kan lokaci, abin da ba kullum yake faruwa ba. A Jami'ar Bayero ma, tsohuwar harabar daban take da sabuwar, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce.

Da an tattara waɗannan, gurabe masu wuya ake fara cikewa. A gidan misalinmu, su ne na rana daga Litinin zuwa Alhamis: gurabe takwas, ga shi wataƙila ɗalibai uku ne kawai cikin goman ba su da lacca a lokacin. Su ukun nan ake fara rubutawa, a ba biyu gurabe uku-uku, ɗaya biyu, sannan a tsare su daga aikin dare, don ba a da madadinsu da rana. Manajan da ya fara da Asabar saboda ta fi sauƙi zai ƙarar da awanninsu a inda kowa ma zai iya, ya iso Laraba hannu rabbana.

Juma'a da lissafinta daban. Maza Musulmi za su tafi masallaci, da an sauko kuma jama'a su kwararo gaba ɗaya. Inda ma'aikata suke gauraye, abin yakan warware kansa: 'yan mata da ɗalibai Kiristoci su riƙe ranar Juma'a, Musulmi su riƙe safiyar Lahadi lokacin coci. Azumi kuwa yakan juya takardar baki ɗaya, domin rana ta mutu, aikin ya taru daga shan ruwa zuwa dare.

Akwai kurakuran da sai an bi takardar awa bayan awa ake ganinsu. A misalin nan, da ƙarfe 4 ma'aikacin safe da ɗaliban rana duk sun tashi, an bar mutum ɗaya har ƙarfe 6, ga la'asar ta yi. Gyaran ƙarami ne: a matsar da ɗalibi ɗaya ya fara 12:30 ya tashi 4:30. Wani kuskuren shi ne a sa mutum ya rufe da dare sannan ya buɗe da safe. An rufe ƙofa ƙarfe 10, amma da goge tebura da ƙirga kuɗi da neman abin hawa, sai 11 ta wuce kafin ya kwanta. Alamar ba ta ɓuya: makara da safe, da kuskuren canji. Haka kuma kafin a sa ɗaliba aikin dare, a san yadda za ta koma masauki.

Raba daɗi da wuya shi ma aikin jadawali ne. Daren Asabar da safiyar Litinin su riƙa zagayawa, kuma a gefen kowane suna a rubuta adadin gurabensa na makon. Inda ake biya da yawan aikin da aka yi, ɗalibi yana ganin wanda ya samu biyar alhali shi biyu aka ba shi, ko bai yi magana ba.

Jadawalin ya fita ranar Alhamis don makon da zai fara Litinin, a manna shi a bango, a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na ma'aikata. Duk da haka malami zai ɗaga lacca ko ya sa gwajin ba-zata, don haka dole a yarda da musaya, amma da sharaɗi: mai son canji shi zai nemo madadinsa, madadin ya kasance ya iya aikin (wanda bai taɓa zama kan kuɗi ba ba zai maye gurbin kashiya ba), kuma musayar ba ta tabbata sai manaja ya gyara takardar bango. "Ai mun yi magana da shi" ba hujja ba ce.

Makonnin jarrabawa ne suka fi gwada tsarin, tunda ɗalibai goman a jami'a ɗaya suke, kuma lokaci guda za su nemi sauƙi. Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, a sake lissafi. Idan kowa ya sauko zuwa gurabe biyu, 20 ke nan cikin 39. Sauran 19 ɗin, awa 76, sai an nemo su a wajen waɗanda suka kammala karatu, ko ɗaliban wata makarantar da zangonta bai zo ɗaya da na jami'ar ba, ko kuma a daina buɗewa da safe na waɗannan makonnin, abin da zai rage aƙalla gurabe bakwai.